Mai Jarrabawa Ya San Labarin, Amsa Yake Nema



Da yawa daga cikinmu, daga Badafi har Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, muna da jarrabawar Hausa a gabanmu, ko ta kammala sakandare ko ta kwaleji, wasu kuma ƙannenmu muke yi wa bita. Ra'ayinmu a wannan makon shi ne, idan aka ba mutum minti arba'in ya amsa tambaya a kan littafin da aka sa a manhaja, marubucin labari ya fi kowa shiga hatsari. Hannunmu ya saba da ba da labari. Da mun ga sunan littafi sai mu ɗauko shi tun daga farko muna zubowa, lokaci ya ƙare ba mu taɓa tambayar ba. Wanda zai duba takarda kuwa ya riga ya san labarin. Abin da yake nema shi ne ko ɗalibi ya iya ɗauko hujja daga cikin littafin ya kafa magana da ita.

Bari mu gwada da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. A ce tambayar ita ce: "Tattauna yadda zalunci ya raba iyali a cikin littafin." Mai ba da labari zai fara da ɗalibai a garin Rauta suna tambayar malaminsu asalinsa, ya koma Kagara, ya kawo rasuwar mahaifin Umar da auren uwarsa da Makau. Kafin ya kai yaron Kano minti talatin sun wuce, uwar da ta sha wahala mafi tsanani ko ambatonta bai yi ba. Ya cika shafi biyu da zance mai daɗi, amma kalmar zalunci ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Maganin wannan shi ne a hana hannu rubutu na minti tara na farko. Minti uku na karanta tambaya ne sau biyu, a ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni da kalmomin da suka iyakance zance. A nan kalmar umarni ita ce "tattauna", iyakokin kuma "zalunci" da "raba iyali". Saboda haka karatun da Umar ya yi a Masar, duk da muhimmancinsa a littafin, ba shi da gurbi a wannan amsar sai dai a gifta shi da jimla ɗaya. Minti shida da suka biyo baya na tsari ne a gefen takarda: matsaya ɗaya, hujjoji uku.

Matsayar za ta iya zama cewa zalunci iri uku ne ya tarwatsa gidan su Umar, kowanne ya buɗe wa na gaba ƙofa. Na farko zaluncin fada, inda fadawa suka yi wa Makau ƙazafi don hassada har aka kore shi daga Kagara. Na biyu zaluncin hanya, inda aka sace Umar yana ƙarami bayan uwarsa ta tafi Fatika wurin iyayenta, har ya faɗa hannun masu bayi a Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi. Na uku zaluncin kasuwa, inda Ado ya yaudari uwar da ta fito neman ɗanta, ta ƙare a bauta, ba ta sake ganin Umar ba sai a Tarabulus dab da rasuwarta. A gefen takarda wannan bai wuce layi huɗu ba: matsaya, sai Makau, sai sata, sai Ado.

Daga nan saura minti talatin da ɗaya. A ware huɗu na dubawa a ƙarshe, ashirin da bakwai na rubutu. Wanda hannunsa ke yin kalma goma sha biyar a minti zai sami wajen kalma 400 ke nan, kuma kowa ya auna nasa hannun da agogo a gida. Kalma 400 ba ta ɗaukar doguwar shimfiɗa. Gabatarwa jimla biyu ce ko uku, a faɗi littafi da marubucinsa, a faɗi matsaya, a wuce cikin minti uku. Kowace hujja ta sami sakin layi guda da minti bakwai. Kammalawa ta sami ukun da suka rage.

A cikin kowane sakin layi, a fara da magana, a kawo abin da ya faru a littafi a taƙaice, sannan a ɗaure shi da tambayar. Ga yadda na farko zai iya zama: "Ɓarakar farko daga fada ta fito. Hassadar fadawa ce ta sa aka kori Makau daga Kagara ba da laifinsa ba. Korar ta bar matarsa da yaron ba mai tsaya musu, wannan rashin majiɓinci kuwa shi ya share fagen sace Umar." Jimlar ƙarshen nan ita ce ta mayar da labari hujja. Hanyar gane cewa mutum ya kauce ba wuya: idan jimloli uku a jere sun fara da "sai" ko "daga nan", labari ake bayarwa. Idan "saboda" da "wannan ya nuna" suna fitowa, ana kan amsa.

Akwai masu cewa minti tara ba tare da rubutu ba asara ce, tunda kusan kwata ce ta lokacin. Maganarsu tana da fuska, domin mai jinkirin hannu yana jin kowane minti a jikinsa. Amma wanda bai tsara ba ma yana kashe waɗannan mintunan, sai dai a tsakiyar amsa yake kashe su, yana cizon biro yana tunanin abin da zai biyo baya, ko yana soke rabin shafi. Wasu kuma sun dogara ga haddace amsa daga takardun bita. Amsar da aka haddace a kan jigon bauta tana iya yin kama da tambayarmu, amma idan aka juya aka ce a fito da halin uwar Umar, mai hadda zai zuba abin da ba a tambaye shi ba. Wanda ya riƙe manyan aukuwa biyar ko shida na littafin, da sunayen mutane da garuruwa daidai, zai iya juya su su fuskanci kowace tambaya.

Idan lokaci ya ƙure, misali saura minti takwas ba a fara hujja ta uku ba, kada a jefar da ita. A rubuta ta cikin jimla uku, a rufe da jimla ɗaya da ta koma ga matsaya. Minti huɗun dubawa kuma na ƙa'idar rubutu ne, inda rubutun waya ya ɓata mana hannu. A duba ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, domin "ƙafa" daban "kafa" daban. A haɗe "yana" da "suka", a raba "a kan" ta wuri da "akan" ta sabo. A tabbatar ba a ba Abdulkarim aikin Ado ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mako mai zuwa kowa ya ɗauki littafin da ke manhajarsa, ya sa wani ya ƙirƙiro masa tambaya, ya ajiye waya, ya kafa agogo na minti arba'in. In ya gama ya ƙirga jimlolin da suka ba da labari da waɗanda suka amsa tambaya, ya zo mana da lissafin mu gani.