Afuwar haraji da hakkin wanda ake yanka wa tun daga albashi

Mu malaman makaranta ba mu taɓa ɗaukar haraji da hannunmu mun kai ofis ba. Kafin albashi ya shigo asusu an riga an cire na hukuma, ko malami yana koyarwa a Jega, ko Aliero, ko wani ƙauye na Maiyama. Saboda haka duk sa'ad da aka yi shelar afuwa ga waɗanda suka ƙi biya, muna da bakin magana.

Babban misalin da muka gani shi ne na 2017. A ƙarshen Yunin shekarar, Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu kan umarnin da ya kafa shirin VAIDS. Aka ce duk wanda ya ɓoye dukiya ko kuɗin shiga daga 2011 zuwa 2016 ya fito ya bayyana da kansa, ya biya ainihin harajin da ake bin sa, a yafe masa tara da kuɗin ruwa, kuma ba za a gurfanar da shi ba. An ba da wa'adin wata tara daga 1 ga Yuli, daga baya aka ƙara wata uku zuwa ƙarshen Yunin 2018.

Dalilin gwamnati a fili yake. Farashin man fetur ya faɗi, tattalin arziki ya karye a 2016, harajin da ake tarawa kuwa bai wuce kashi 6 cikin ɗari na arzikin ƙasa ba. Bin mutum ɗaya a kotu yana cin shekaru da kuɗi, alhali idan ya kawo kansa an samu kuɗin yau, an kuma samu sunansa a rajista don gobe. Ba mu raina wannan hujja ba.

Amma mu yi lissafi irin na aji. A ɗauka ana cire wa malami naira 2,000 kowane wata. A shekara shida ya biya naira 144,000, bai makara ko sau ɗaya ba. A ɗauka kuma akwai wani mai samu daidai da nasa wanda bai biya ko kwabo ba sai a 2018. Shi ma naira 144,000 zai biya, don haka wasu ke cewa ai an yi kunnen doki. Ba a yi ba. An ɗauke masa tarar kashi 10 cikin ɗari, wato naira 14,400, an ɗauke masa kuɗin ruwa, kuma wannan ma shi ne ƙaramin abin da ya ci. Shekara da shekaru kuɗin suna hannunsa yana juya su, ya sayi albasa da kaka ya adana ya sayar sa'ad da ta yi tsada. Nairar da malami ya bayar a 2011, lokacin da dala take wajen naira 155, ba ita ce nairar 2018 ba, lokacin da dala ta kai wajen 360 a kasuwa. Hukuma ta bai wa wanda ya ƙi biya rance mara ruwa, malami kuwa ba a ma tambaye shi ba.

Kada a ɗauka da ɗan tireda ko manomin albasa muke. Waɗannan suna biyan kuɗin rumfa da na lodi da na shingen hanya, sau da yawa babu rasit. Wanda afuwa ke yi wa rana shi ne mai gidajen haya da kwangila da manyan motoci, wanda yake da abin ɓoyewa.

Babbar illa tana cikin maimaitawa. A 2016 hukumar tara haraji ta tarayya ta riga ta yafe tara da ruwa na ɗan lokaci, VAIDS ya biyo baya, sannan a Oktoban 2018 aka buɗe wata ƙofar ga masu dukiya a ƙasashen waje. Mai wayo da ya ga haka zai gane cewa jinkiri riba ne, ya zauna jiran afuwa ta gaba. Wanda yake biya don raɗin kansa ya fara ganin wautarsa, nauyin kuma ya koma kan masu albashi, waɗanda ba su da hanyar jinkirtawa.

Harajin albashinmu jiha ake kai wa, don haka idan aka sake zancen afuwa, hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kebbi za mu tambaya. Mutum nawa ne sababbi suka shiga rajista, kuma nawa ne daga cikinsu suka sake biya a shekara ta biyu? Wa aka hukunta bayan wa'adi ya cika? Muna kuma roƙon shugabannin reshe su nema wa kowane malami takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, domin da ita ne kaɗai za mu tabbatar cewa abin da aka yanka mana ya isa baitulmali da sunanmu.