Talla ta Intanet: Wa Ya Yi Noman, Wa Ya Ci Girbin?

Masu iya magana na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk ɗan kasuwar da ke biyan Google ko Facebook kuɗin talla ya kamata ya riƙe wannan karin magana, domin rahoton da yake dubawa kowane ƙarshen wata yana iya nuna masa gardi a matsayin gwarzo, ya sa ya kori kurar da ke shan wahalar. Matsalar tana cikin wata tambaya da ba kasafai ake yi ba: idan mai saye ya ci karo da tallace-tallace biyu ko uku kafin ya biya kuɗi, wanne daga ciki za a rubuta wa cinikin?

Amsa biyu ce ta rage a dandalin Google Ads. Ta farko ita ce wadda ake gani a allo da sunan Last click, wato danni na ƙarshe, wadda ke ba tallar da mutum ya danna daga ƙarshe ladan cinikin gaba ɗaya. Ta biyu ita ce Data-driven, wato rabon lada bisa bayanai, inda na'ura ke kwatanta hanyoyin da waɗanda suka saya suka bi da na waɗanda ba su saya ba, sannan ta raba ladan gwargwadon yadda kowace talla ta ƙara yiwuwar saye. A watan Satumba na 2021 Google ya sanar cewa ta biyun ce za ta zama zaɓin farko ga sababbin ma'aunan ciniki, a shekarar 2023 kuma ya soke wasu hanyoyi huɗu da ake da su a da, ciki har da mai ba danni na farko lada da mai raba shi daidai wa daida. Saboda haka akwai masu talla da yawa da ma'auninsu ya sauya ba tare da sun lura ba.

Domin a ga yadda abin ke taɓa aljihu, mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a birnin Katsina mai sayar da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ga manoman rani na Batsari da Safana, har zuwa irin su Babban Duhu. Alƙaluman misali ne kawai, amma lissafin haka yake tafiya. A wata guda ya kashe naira 600,000 a kan talla uku: naira 300,000 a bidiyon Hausa a YouTube mai nuna yadda injin ke aiki, naira 200,000 a tallar da ke fitowa idan an nemi injin ban ruwa ba tare da ambaton wani kamfani ba, sai naira 100,000 a tallar da ke fitowa idan an rubuta sunan shagonsa. Ya sayar da inji 60, ribar kowane naira 15,000, jimilla naira 900,000.

Mutanen nan 60 ba hanya ɗaya suka bi ba. Mutum 24 bidiyo suka fara gani, daga baya suka nemi sunan shagon suka danna. Mutum 12 sun fara da neman inji, suka ƙare da sunan shagon. Wasu 12 tallar neman inji kaɗai suka danna, 6 bidiyo kaɗai, sauran 6 kuma sunan shagon kaɗai.

A ma'aunin danni na ƙarshe, tallar sunan shago ta kwashe ciniki 42, wato ribar naira 630,000 a kan 100,000 da aka kashe. Tallar neman inji ta sami 12, wato naira 180,000 a kan 200,000, an yi asarar 20,000 ke nan. Bidiyo kuwa ciniki 6 kacal aka rubuta masa, naira 90,000 a kan 300,000. Duk akantan da ya ga wannan takarda zai ce a rufe bidiyon yau, a zuba kuɗin a tallar sunan shago.

Yanzu kuma a auna da bayanai. A ce cikin kowane mutum 100 da suka danna sunan shago kaɗai, 2 ke saye, amma cikin 100 da suka ga bidiyo kafin su danna sunan, 8 ke saye. A sauƙaƙe, bidiyon ne ya ƙara 6 cikin 8, don haka kashi uku cikin huɗu na cinikin nan 24, wato 18, nasa ne. A ce kuma waɗanda suka fara da neman inji 4 ke saye cikin 100. A nan sai a raba 12 ɗin biyu, kowace talla 6. Sakamakon shi ne bidiyo ya tashi da ciniki 24, ribar naira 360,000, ya haura abin da aka kashe masa da 60,000. Neman inji ya sami 18, naira 270,000, ya ci ribar 70,000. Sunan shago ya sauko daga 42 zuwa 18.

Abin lura a nan shi ne ko kwabo bai ƙaru a asusun ɗan kasuwar ba. Ta kowace hanya aka bi, abin da ya rage masa bayan kuɗin talla naira 300,000 ne. Abin da ya sauya shi ne shawarar da zai yanke gobe. Idan ya bi takardar farko ya rufe bidiyo, zai tsira da naira 300,000 amma ya jefa cinikin naira 360,000 cikin haɗari. Kuma ba zai gane nan take ba, domin masu neman sunan shagon za su riƙa raguwa ne a hankali cikin makonni, har ya ɗora laifin a kan tsadar rayuwa. Ƙarin kuɗi a tallar sunan shago ba zai cike gurbin ba, tunda ba ta iya fitowa sai ga wanda ya riga ya san sunan. Bugu da ƙari, idan ya bar wa Google ragamar taya farashin talla da kansa, na'urar za ta bi ma'aunin da aka zaɓa wajen karkata kuɗi, ko da mai shagon bai taɓa komai ba.

To ko wannan na nufin rabon lada bisa bayanai shi ne gaskiya tsagwaronta? A'a. Rauninsa na farko shi ne yana ganin abin da ya zo tare ne, ba lallai abin da ya haifar da wani ba. Manomin da ya tsaya ya kalli bidiyon inji har ƙarshe mai yiwuwa ne dama ya yi niyyar saye bayan ya sayar da amfanin gonarsa. Idan haka ne, bambancin 2 da 8 daga niyyarsa ya fito, ba daga bidiyon ba. Kamfanin eBay na Amurka ya gwada irin wannan a shekarar 2012. Masana tattalin arziki Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, a binciken da mujallar Econometrica ta buga a 2015, sun nuna cewa da kamfanin ya dakatar da tallar sunansa a injinan bincike na Yahoo da Microsoft, kusan duk masu zuwa sun ci gaba da zuwa ta hanyar sakamakon bincike na kyauta. Da aka dakatar da sauran tallace-tallacen bincike a wasu yankunan ƙasar aka bar su a wasu, sai aka gano cewa a jimlace asara ake yi, kimanin kashi 63 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa, kuma sababbin masu saye da waɗanda ba su cika saye ba ne kawai tallar ke motsawa. eBay sananne ne a ƙasarsa, ƙaramin shago a Katsina ba haka yake ba, don haka ba za a kwafi sakamakon kai tsaye ba. Darasin dai shi ne gwaji ne ya bankaɗo gaskiya, ba rahoton dannawa ba.

Rauni na biyu shi ne yawan bayanai. Google da kansa yana ba da shawarar a sami aƙalla ciniki 200 da mu'amala da talla 2,000 cikin kwana 30 domin lissafin ya yi inganci. Mai inji 60 a wata bai kai ko sulusin wannan ba. Alamar da zai gane haka ita ce rabon ladan ya riƙa tsalle daga wata zuwa wata alhali bai sauya komai ba, ko kuma ya buɗe shafin Model comparison ya tarar da ma'aunan biyu suna ba da kusan amsa ɗaya, abin da ke nuna cewa yawancin hanyoyin da na'urar ke gani danni guda ne kawai.

Rauni na uku shi ya fi shafar yankinmu, domin na'ura ba ta raba lada sai tsakanin abubuwan da take gani. Manomin Babban Duhu yana iya jin labarin injin a rediyo, ya gan shi yana aiki a fadamar maƙwabcinsa, ya kira ɗansa da ke karatu a Dutsin-Ma ya duba masa a waya, a yi ciniki ta WhatsApp, a biya ta wurin mai POS. A cikin duk wannan tafiya, danni ɗaya na ɗan nan kawai Google ya gani, shi ma sai idan mai shago ya mayar wa dandalin bayanin cewa an kammala cinikin. Google Ads kuma tsakanin tallace-tallacensa kaɗai yake rabo. Meta, mai Facebook da Instagram, yana da nasa lissafin, inda bisa tsarinsa na asali yake ƙirga cinikin da ya auku cikin kwana 7 da dannawa ko kwana 1 da gani. Shi ya sa idan aka haɗa rahotannin biyu sukan zarce abin da ke cikin littafin shago, domin kowa ya yi iƙirarin inji ɗaya. Ba a manta ba cewa daga Satumba zuwa Disamba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, saboda matsalar tsaro. Jama'ar da za a iya share su daga taswirar bayanai na tsawon watanni, kuskure ne a ɗauka cewa bayanan sun wakilce su.

Abin yi ga ɗan kasuwa ko manajan talla bai da tsada. Da farko ya kwatanta adadin cinikin da dandali ke iƙirari da abin da ke cikin littafinsa da bayanan banki. Littafin ne alƙali. Sannan ya ba tallar rediyo lambar waya dabam da ta intanet, ya kuma sa yaran shago su riƙa tambayar kowane mai saye inda ya fara jin labari, su rubuta. Daga nan sai gwaji irin na eBay daidai ƙarfinsa: ya dakatar da bidiyo a shiyyar Funtua na tsawon mako shida, ya bar shi a shiyyar Katsina, ya kwatanta yadda cinikin kowace shiyya ya sauya daga matakinta na baya. Tilas ne a yi gwajin a lokaci guda a duka wuraren, domin idan aka kwatanta damina da farkon rani, yanayi ne zai yi magana ba talla ba. Tallar sunan shago ma a kashe ta na mako biyu a gani, sai dai idan abokan hamayya na sayen sunan don su sha gabansa.

A taƙaice, danni na ƙarshe yana fifita mai tsayuwa a bakin ƙofa, rabon bisa bayanai yana gyara wani ɓangare na wannan rashin adalci amma a cikin gidan Google kaɗai. Kafin kowane shugaban kamfani ko hukuma ya sa hannu a rufe wata talla saboda rahoto ya ce ba ta da riba, ya fara tambayar wanda ya kawo masa takardar: da wane ma'auni aka auna, kuma me ya faru a inda aka taɓa dakatar da ita?