Cacar ƙwallo ana cikin wasa: kamfani ya riga ka ganin ƙwallon

A gidajen kallon ƙwallo na Yamai, Maraɗi da Damagaram akwai wata magana da ke yawo tsakanin matasa. Wai cacar da ake yi kafin a take wasa sa'a ce kawai, amma wadda ake yi ana tsaka da wasa ta mai ido ce: kana kallo, ka ga ƙungiyar da ta matsa, ka ga an ba da jan kati, sai ka yi wuf ka zuba kuɗinka kafin farashi ya canza. Ni a ganina wannan tunanin ya fi cacar kanta haɗari, domin yana sa mutum ya ɗauka aiki yake yi da basira, alhali hoton da yake kallo a salularsa ya riga ya wuce. Hukuncin caca a addini sananne ne, malamai sun yi bayaninsa. Abin da nake so mu duba a nan shi ne lissafin da kuma agogon.

Mu fara da lambar da ake ninka kuɗi da ita, wadda ake gani a allo da sunan cote. Zan kira ta farashi. Idan ka raba 100 da farashin, za ka samu kason da kamfanin ya ɗora wa wannan sakamako. Ga misali na lissafi: masu masaukin baƙi 2.50, kunnen doki 3.10, baƙi 2.80. Na farko ya ba da kashi 40, na biyu kashi 32 da ɗoriya, na uku kusan kashi 36. Haɗa su, za ka ga sun kai 108, ba 100 ba. Wannan takwas ɗin da ya hau sama shi ne ribar kamfani, kuma yana cikin kowane farashi da za a nuna maka, ko kafin wasa ko ana cikinsa.

To me ke faruwa idan aka ci ƙwallo? Da farko ana rufe kasuwar, maɓallan su dushe ko kwaɗo ya bayyana a kansu. Sannan na'ura ta sake lissafi da abubuwa uku: ƙarfin ƙungiyoyin, yadda sakamako yake yanzu, da mintocin da suka rage. A manyan gasannin Turai ana cin ƙwallo biyu da rabi zuwa uku a kowane wasa idan aka daidaita, don haka ƙwallo ɗaya babban abu ne, kuma nauyinsa yana ƙaruwa yayin da lokaci ke ƙarewa. Ƙwallon minti na 10 yana motsa farashi, amma akwai sauran minti 80 na ramuwa. Ƙwallon minti na 70 kuwa yana iya mayar da 2.50 ɗin nan ya koma kamar 1.25, kunnen doki 5.00, baƙi 13.00. Sake haɗawa: 80, da 20, da kusan 8. Ribar kamfani tana nan daram.

Duba abin da 1.25 ke nufi a aljihu. Ka zuba sefa 5,000, wato jika biyar, idan ka ci ribarka 1,250 ce. Idan aka farke ƙwallon, jika biyar ɗin ta tafi gaba ɗaya. Sai ka ci sau huɗu kafin ka mayar da faɗuwa ɗaya. Kuma ana farkewa. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2022, Ajantina tana gaba da biyu da nema har kusan minti na 80, sai Mbappé ya ci wa Faransa biyu cikin ƙasa da minti biyu. Wanda ya bi Ajantina a kan za ta ci wasa cikin minti 90 ya yi asara, duk da ita ta ɗauki kofin daga baya.

Yanzu ga batun agogo, wanda shi ne gundarin maganar. Kamfanonin caca ba a telebijin suke kallon wasa ba. Suna sayen bayanai daga kamfanoni irin su Sportradar da Genius Sports, waɗanda ke da ma'aikata a cikin filin wasa, suna danna duk abin da ya faru a kan na'ura: kwana, bugun tazara, kati, hari mai haɗari. Saƙon yana isa cikin daƙiƙa kaɗan. Sau da yawa ma ana rufe kasuwa tun ƙwallo bai shiga raga ba, da zarar an danna cewa akwai hari ko ana batun fenariti.

Kai kuma fa? Hoton da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam yana makara da daƙiƙoƙi. Wanda ke zuwa ta intanet ya fi shi makara, yakan kai rabin minti, a shafukan sata kuwa ko inda layi ba shi da ƙarfi yakan haura minti guda. Kowa ya san wannan ba tare da an faɗa masa ba: sau nawa ka ji ihu daga gidan kallon da ke maƙwabtaka, sannan daga baya ka ga ƙwallon a salularka? Gwada da kanka ba tare da ka sa ko dala ba. Buɗe shafin da ke ba da sakamako kai tsaye a gefen wasan da kake kallo, ka ƙirga daƙiƙa nawa ke tsakanin lokacin da lamba ta canza da lokacin da ka ga ƙwallon.

Bayan wannan akwai jinkiri na biyu, wanda kamfani ya sa da gangan. Idan ka danna ana cikin wasa, ba a karɓa nan take, ana riƙe cacarka na wasu daƙiƙoƙi. Idan a cikin wannan ɗan lokaci ƙungiyar da ka bi ta ci ƙwallo, za a ƙi karɓa. Idan babu abin da ya faru, a karɓa a kan farashin da ke ɗauke da ribarsu. Ko da ta kuɓuce musu an karɓa, a cikin sharuɗɗan da ka amince da su ranar rajista galibi akwai inda aka ce suna da ikon soke duk cacar da aka yi bayan abin ya riga ya auku, su mayar maka da uwar kuɗinka kawai. Wato idan makara ta taimake ka, a soke. Idan hotonka ne ya makara har ka zuba kuɗi a kan abin da ya riga ya sauya, babu mai mayar maka da komai.

Shi ya sa nake cewa farashin da ya yi maka kyau fiye da kima alama ce ta gargaɗi. Kana ganin ƙungiyarka za ta buga kwana, kana ganin farashinta ya ɗan hau, kana murna ka samu garaɓasa. A fili kuwa an riga an buga kwanar, an ƙwace ƙwallon, ana can ana kai wa ƙungiyar taka hari. Akwai kuma wani zaɓi a yawancin manhajojin da ke cewa ka amince da kowane canjin farashi. Wanda ya kunna shi zai iya danna 2.10, a rubuta masa 1.40.

Jan kati ya fi ƙwallo ruɗar mutane, domin ƙwallo lamba ce da ta riga ta tabbata, kati kuwa hasashe ne game da abin da bai faru ba. Tasirinsa ya danganta da mintocin da suka rage, da wanda aka kora, da kuma wa ke gaba. A watan Afrilun 2024 Barcelona tana gaban PSG da ɗaya da nema a gida, bayan ta ci wasan farko uku da biyu a Paris, aka kori Araújo a minti na 29, aka tashi huɗu da ɗaya PSG ta wuce. Irin wannan ne kowa ke tunawa. Amma a ranar 3 ga Fabrairun 2024, a Bouaké, an kori Kossounou na Kodibuwa kafin hutun rabin lokaci a wasansu da Mali. Mali ta ci a minti na 71. Mutum goma sha ɗaya a kan goma, ga kuma ƙwallo a hannu, wa zai ce ba a gama ba? Adingra ya farke a minti na 90, Diakité ya ƙara a ƙarshen ƙarin lokaci. Wanda ya bi Mali bayan katin ya saya ne a farashin da aka riga aka rage saboda katin, sannan ya rasa duka.

Kwana huɗu bayan haka, a filin nan dai, aka ga abin da VAR ke iya yi. Najeriya tana gaban Afirka ta Kudu da ɗaya da nema, Osimhen ya jefa ƙwallo a raga kusan minti na 85, aka yi ta murnar biyu da nema. Alƙalin wasa ya je ya duba allo, ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ƙetar da aka yi tun farkon harin, Mokoena ya ci. Cikin ƴan mintoci biyu da nema ta zama ɗaya da ɗaya. A irin wannan tsakanin, ko maɓallin Cash out da ake tallata maka a matsayin ƙofar fita yakan kasance a rufe, daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Yadda za a yi da cacar da aka sa tsakanin ƙwallo da hukuncin VAR kuwa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma su suka rubuta dokar.

Wani zai ce ai akwai masu ci. Gaskiya ne, akwai waɗanda suka nemi cin moriyar makarar ta hanyar zama a cikin fili suna aika saƙo kafin hoto ya isa ko'ina, musamman a wasan tanis, kuma ana fitar da su daga fili idan an gane su. Jinkirin karɓar caca ma don irinsu aka yi shi. Idan wanda ke zaune a bakin fili sai ya yi da gaske, ina ga mai kallo a Tawa da layin da ke yankewa? Haka masu sayar da "sirri" a WhatsApp da Telegram: kafin ya rubuta, ya aiko, ka karanta, ka buɗe manhaja, farashin da yake magana a kai ya daɗe da tafiya.

Abin da ya dace hukumomin da ke ba waɗannan kamfanoni lasisi su yi bai da wuya: su tilasta a rubuta daƙiƙoƙin jinkiri da dokar sokewa a kan allon cacar kansa, cikin harshen da mutane ke ji, maimakon a binne su cikin dogon sharaɗi da Faransanci. Kafin nan, duk matashin da ke jin idonsa ya fi na'ura sauri, ya yi gwajin da na faɗa a wasan ƙarshen makon nan, ya ƙirga daƙiƙoƙin, sannan ya tambayi kansa wa ke sayar masa da farashin da yake gani.