Hoton lambar QR ba shaida ba ne

Ra'ayin jaridar nan shi ne matasan Magariya da Dungas su daina tura hoton takardar shaidar karatunsu ta WhatsApp ga duk wanda ya ce yana ɗaukar aiki. Ɗan damfara na iya yanko lambar QR ta gaske ya manna a takardar jabu, ga suna da ranar haihuwa a banza.

Tun 2022 hukumar WAEC ta buɗe wa ɗalibanta a Najeriya ma'ajiyar takardu ta intanet, inda mai takarda ke aika ta kai tsaye. Ya kamata Jami'ar André Salifou ta Damagaram ta yi koyi. Mai takarda ya riƙe kalmar sirrinsa. Mai ɗaukar aiki ya haska lambar da waya, ya tabbatar shafin na makarantar ne kuma suna da shekara sun dace.