Ba Sai An Kashe Kawu Ba

Duk ranar da aka fitar da sunayen waɗanda ba su halarci bitar dole ba, sai ka ji kawunnai da gwaggonni sun yi ta mutuwa a baki. "An yi mana rasuwa" shi ne uzurin da ya fi sauƙin faɗa, domin ba mai tuhumar mai makoki. Amma sau da yawa mai faɗarsa ba malalaci ba ne, yana da dalili na gaske wanda bakinsa ba zai iya furtawa ba.

A ɗauki malamar firamare da aka tura bitar kwana biyar, ta yi ɓari a daren Lahadi. Cikin da ko surukarta ba ta sani ba, yaya za ta bayyana wa hedimasta shi a gaban mutane? In ta ƙirƙiro rasuwa, gobe abokan aiki za su yi ayari zuwa ta'aziyya. In ƙawarta ta sa mata hannu a rajista, laifin ya zama na mutum biyu. In kuwa ta sayi takardar likita ta jabu, ta shiga babin da dokokin aikin gwamnati ke ɗauka babban laifi, wanda kan kai ga kora, alhali tana da uzurin da zai wanke ta.

Abin da nake ganin ya dace shi ne ta rubuta gajeriyar takarda tun kafin takardar tuhuma ta iso: "Ranka ya daɗe, ban samu halartar bita ba daga Litinin zuwa Juma'a saboda larurar lafiya wadda nake roƙon a bar mini ita a sirri. Ga takardar asibiti mai nuna kwanakin. Ina neman a sa ni cikin rukuni na gaba." Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Kuma tana da damar roƙon likita ya rubuta kwanakin hutu kawai, ba tare da sunan ciwon ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman.

Hanyar tana da iyaka, ban ɓoye ba. Idan dalilin rikicin aure ne, babu takardar asibiti. Nan sai a nemi babba guda ɗaya mai riƙon amana, a faɗa masa baki da baki, shi kuma ya rubuta cewa ya ji uzurin ya gamsu. Alawus ɗin bita zai iya wucewa, takardar shaida ta jira wani zagayen.

Shugabanni kuma, ku daina tsare mutum da "wane irin ciwo ne?" a tsakiyar ofis. Haƙƙinku ku san kwanakin da aka rasa da ranar da za a rama su, sannan takardar ta shiga fayil a rufe, kada ta kwana a kan teburin masinja.