Kimiyya A Sauƙaƙe: Madatsar Ruwa Da Ke Cikin Jikin Mutum

A wannan mako za mu duba yadda tuwon da mutum ya ci da iskar da ya shaƙa suke zama ƙarfin da yake aiki da shi.

Jiki ba ya amfani da abinci kai tsaye. Sai ya fara mayar da ƙarfin abincin cikin wani sinadari da ake kira ATP, wanda shi ne tsoka da ƙwaƙwalwa suke kashewa kamar kuɗi. Abin da jiki yake ajiyewa na ATP ɗan kaɗan ne, saboda haka kullum cikin sabunta shi yake. A yini ɗaya, abin da yake sabuntawa yakan kai kusan nauyin mutumin kansa.

Ana yin yawancin wannan aiki ne a wasu 'yan ƙananan ɗakuna da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, waɗanda ake kira maitokondiriya. Kowanne yana da tantani biyu, na waje da na ciki, kuma na cikin shi ne maganarmu. Masana sun daɗe suna neman wani sinadari da suke zaton shi ke kai ƙarfin abinci zuwa ga ATP, ba su same shi ba. A shekarar 1961 wani Baturen Ingila, Peter Mitchell, ya ce babu shi. Ya ce tantanin ciki yana aiki ne kamar madatsar ruwa. Da farko an ƙi maganarsa, amma a 1978 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Wannan bayani nasa shi ake kira kemiyosmosis.

Ga yadda abin yake. Idan aka sarrafa abinci, wani sinadari mai suna NADH yakan kwaso ƙwayoyin lantarki, wato ilektoron, ya miƙa su ga jerin tashoshi da ke jikin tantanin. Suna wucewa daga wannan tasha zuwa waccan, har su isa ga iskar oksijin, a sami ruwa. Yayin da suke wucewa, tashoshi uku suna tura wasu ƙwayoyi da ake kira furoton zuwa bayan tantanin: ta farko huɗu, ta biyu huɗu, ta ƙarshe biyu, jimla goma. Tantanin ba ya barin su koma, sai su taru kamar ruwa a bayan madatsa.

Babbar ƙofar komawarsu ita ce wani inji da ake kira ATP sintes, kuma juyawa yake yi da gaske, domin masanan Japan sun gan shi yana juyi a 1997. A jikin dabbobi irin su saniya, furoton takwas ne suke juya shi zagaye guda, kowane zagaye kuwa yana haɗa ADP da fosfet ya fitar da ATP uku. Akwai kuma kuɗin dako, don kowane ATP yana cin ƙarin furoton ɗaya wajen shigo da kayan aiki da fitar da shi. Ashe furoton goma sha ɗaya ke ba da ATP uku. Shi ya sa goman nan na NADH ɗaya ba sa cika uku, sai wajen biyu da ɗigo bakwai.

To, ina abin yake lalacewa? Hanya ta farko ita ce a toshe tashar ƙarshe. Haka gubar sayanaid take yi, wadda ake samu a rogo mai ɗaci idan ba a jiƙa shi ko an shanya shi sosai ba. Oksijin na nan cikin jini, amma jiki ya kasa amfani da shi, madatsa ta ƙafe, inji ya tsaya.

Hanya ta biyu ita ce madatsar ta yi yoyo. Daga 1933 an yi ta shan wani sinadari mai suna DNP a Amurka don rage ƙiba, har aka hana shi a 1938. Shi kuwa satar furoton yake yi, ya tsallakar da su ba ta ƙofa ba. Jiki sai ya yi ta ƙona kitse yana zuƙar oksijin fiye da ƙima, amma ƙarfin ya tafi a zafi maimakon ATP. Alamarsa zazzaɓi mai tsanani da gumi da haki, kuma ya kashe mutane. Har yanzu 'yan damfara suna sayar da shi a ɓoye, don haka a yi hattara da maganin rama da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.