Zauren Ɗalibai: Amsar Aro Mudun Wata Kasuwa Ce

A makon nan zan kawo muku wani gajeren jawabi da wani yayanmu ɗan aji huɗu a sashen kimiyyar kwamfuta ya yi wa sababbin ɗalibai 'yan yankinmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda suka samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Jawabin bai kai minti goma ba, amma na ga ya fi dacewa da ku, domin da yawa cikinku kun riga kun fara darasin kwamfuta, kuma ɗabi'ar da ya yi gargaɗi a kanta tun daga sakandare ake koyonta.

Ɗabi'ar ita ce farautar amsa. Malami ya ba da aikin rubuta manhaja, ɗalibi ya ɗauki waya, ya zuba tambayar a intanet, ya kwafo abin da ya fara gani, ya miƙa. Yayan namu bai tsaya yi musu wa'azin cewa wannan satar amsa ce ba. Cewa ya yi: "Ƙannena, ni ba zan ce muku kada ku kwafa ba. Zan nuna muku abin da kuke kwafowa, sai ku yanke wa kanku hukunci." Daga nan ya ɗauko misali guda, kuma a kansa ya tsaya har ya gama.

Aikin da ya zaɓa shi ne wanda kusan duk mai koyon wannan fanni yake cin karo da shi a makonnin farko: rubuta manhajar da za ta karɓi makin ɗalibi, ta faɗi darajar da ya samu. Ga irin amsar da mai farauta ya fi samu, a harshen Python:

```python
maki = int(input("Maki: "))
if maki >= 90:
    print("A")
elif maki >= 80:
    print("B")
elif maki >= 70:
    print("C")
elif maki >= 60:
    print("D")
else:
    print("F")
```

Layin farko yana karɓar makin. Sauran kuma tambayoyi ne a jere. Kalmar `if` tana nufin "idan", `elif` tana nufin "in ba haka ba, to idan", `else` kuma "in duk ba su ba". Alamar `>=` tana nufin "ya kai ko ya wuce". Idan ka saka wannan a kwamfuta zai yi aiki lafiya lau, ba ƙorafi ba jan rubutu. A nan ne mai kwafa yake sakin jiki.

Sai yayan namu ya ce a gwada da maki 72. Ya kai 90? A'a. Ya kai 80? A'a. Ya kai 70? E. Manhaja ta ce C. Amma a mafi yawan jami'o'inmu, daga 70 zuwa sama A ne. Daga 60 zuwa 69 B, daga 50 zuwa 59 C, daga 45 zuwa 49 D, daga 40 zuwa 44 E, ƙasa da 40 kuma F. Wanda ya ci 55, da ya kamata ya tashi da C, wannan manhajar kayar da shi ta yi gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne an rubuta ta ne bisa ma'aunin da aka saba da shi a makarantun Amurka, inda A ke farawa daga 90.

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa sayar da masara ya san mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Wanda ya ari mudun wata kasuwa ya zo yana awo da shi a Maƙarfi, ko dai ya cuci mai saye ko ya cuci kansa, alhali mudun bai fashe ba, bai kuma yi yoyo ba. Haka amsar aro take. Wanda ya rubuta ta bai yi kuskure ba, tambayarsa ya amsa, ba taka ba. Kwamfuta kuwa ba ta san a wace ƙasa kake ba. Abin da aka rubuta mata kawai take bi.

Wani zai ce ai abu ne mai sauƙi, sai a sauya lambobin. To nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ya ara. Yayan namu ya nuna abin da ke faruwa idan ɗalibi ya zauna gyarawa bai fahimci yadda jerin yake aiki ba, ya fara daga ƙaramin maki zuwa babba:

```python
if maki >= 40:
    print("E")
elif maki >= 45:
    print("D")
elif maki >= 50:
    print("C")
```

Mu sake gwada 72. Ya kai 40? E, ya kai. Shi ke nan, manhaja ta ce E, ta tsallake duk sauran layukan. Haka za ta yi wa mai 85, haka za ta yi wa mai 100. Ƙa'idar ita ce, a jerin `if` da `elif` kwamfuta tana bi ne daga sama zuwa ƙasa, kuma da ta samu sharaɗi na farko da ya cika sai ta tsaya, ba ta waiwayar na ƙasa. Saboda haka dole a fara da sharaɗin da ya fi wuyar cikawa, wato maki mafi girma, a riƙa sauka. Amsar da aka kwafo ta bi wannan ƙa'idar, amma ba ta faɗe ta ba. Wanda ya kwafa ya samu layukan, bai samu dalilin jera su haka ba.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin rami. Idan aka rubuta `>` a maimakon `>=`, ma'anar ta koma "ya wuce" kaɗai. Mai 71 zai samu A, amma mai 70 cif zai faɗa B. Alama ɗaya ce tak ta ɓace, kuma idan ka yi gwaji da 80 da 65 da 30 ba za ka taɓa ganin matsalar ba. Shi ya sa masu wannan sana'a suke gwaji a bakin iyaka: 69 da 70, 59 da 60, 39 da 40. Sannan su jefa mata abin da bai kamata ba, kamar 105, su ga ko za ta ƙi karɓa ko za ta ba shi A cikin fara'a. Ku yi tunanin an yi amfani da irin wannan manhaja wajen fitar da sakamakon makaranta guda. Duk ɗalibin da makinsa ya faɗa kan iyaka an tauye shi, kuma babu wanda zai lura sai an zo da kuka.

Matsalolin nan uku duk shiru suke yi. Akwai kuma wadda take ihu, kuma ita ce mai sauƙi ga wanda ya koyi sauraro. Idan ka manta `int` a layin farko, Python za ta tsaya, layin ƙarshe na ƙorafinta ya ce:

```
TypeError: '>=' not supported between instances of 'str' and 'int'
```

Sabon shiga yana ganin wannan sai gabansa ya faɗi, ya goge komai ya koma farauta. Alhali bayani ne aka yi masa. `str` rubutu ne, `int` lamba ce. Duk abin da `input` ya karɓa, a matsayin rubutu yake ajiye shi, ko da 72 ka buga. Manhajar tana cewa ba za ta iya auna rubutu da lamba ba, sai ka mayar da shi lamba tukuna, kuma aikin da `int` take yi ke nan. Har lambar layin da matsalar take ana nuna maka a sama kaɗan.

To yaya ake koyo na gaskiya? Abin da ya ba su shi ne fensir da takarda. Kafin ka taɓa kwamfuta, rubuta matakan da Hausa, kamar kana yi wa ƙaninka bayani: karɓi maki, in ya kai 70 ka ce A, in bai kai ba duba ko ya kai 60, haka har ƙasa. Bayan ka mayar da su Python, sai ka zama kai ne kwamfutar. Zaɓi lamba, ɗora yatsa a layin farko, ka bi layi bayan layi kana rubuta E ko A'a, ka faɗi abin da zai fito tun kafin ka kunna. Idan hasashenka ya yi daidai da abin da ya fito, ka fahimta. Idan sun saɓa, to ka gano ainihin inda fahimtarka ta tsaya, kuma wannan ya fi amsa goma amfani. Ya tuna musu cewa a ɗakin jarrabawa ma takarda da biro za a ba su, kuma malami na iya sauya 70 ya koma 75, ko ya ce a nemo kuskuren da ke cikin layi biyar. Hadda ba ta fid da mutum a nan.

Bai hana su bincike a intanet ba. Bambancin da ya nuna yana cikin tambayar da kake yi. Wanda ya nemi "manhajar fitar da darajar maki" amsa yake farauta. Wanda ya nemi bambancin `if` da `elif`, ko ma'anar `TypeError`, ilimi yake nema, kuma zai koma ya rubuta nasa da hannunsa. Ma'aunin da ya ba su gajere ne: kada ka miƙa layin da ba za ka iya faɗin abin da zai faru in an cire shi ba.

Wannan hanya ta dace da mu. Ɗalibin da ke Hunƙuyi ko Ikara, wanda makarantarsa ba ta da isassun kwamfutoci ko wutar kunna su, ba abin da zai hana shi bin layi da yatsa a littafinsa. In ya samu aron wayar yayansa ta Android, akwai manhaja mai suna Pydroid 3 da ake rubuta Python a cikinta, kuma bayan an sauke ta ba ta buƙatar data don irin wannan ƙaramin aiki.

Ga aikinku na wannan mako. Ma'aunin WAEC daban yake da na jami'a: A1 daga 75, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50, D7 daga 45, E8 daga 40, ƙasa da haka F9. Ku rubuta jerin `if` da `elif` nasa a takarda, ba tare da kun leƙa ko'ina ba. Ku gwada shi da 75 da 74 da 50 da 49 da 39. Idan kun samu A1 da B2 da C6 da D7 da F9, a jere haka, kun kama hanya. Wanda yake son ƙari, ya yi tunanin inda zai saka layin da zai ƙi karɓar 105, a saman jerin ko a ƙasansa, kuma me ya sa. Amsar wannan za mu fara da ita mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.